Me ya sa sautin Bulutut ke tsinkewa a waya ɗaya, alhali a sauran wayoyin lafiya lau?

Idan iyafis ko sifika ta Bulutut tana fitar da sauti garau da kowace waya, amma da waya ɗaya tak sai ya riƙa yankewa ko ya fito a dagule, mafi yawan mutane sukan yanke hukunci nan take: ko dai wayar ta lalace, ko iyafis ɗin jabu ne. Sau da yawa babu wanda ya lalace a cikinsu. Abin da ke faruwa shi ne, wayar nan ba ta aika wa iyafis ɗin irin abin da sauran wayoyin ke aikawa. Waƙa ɗaya ce, iyafis ɗaya ne, amma yadda aka dunƙule sautin kafin a tura shi ya bambanta, kuma mai wayar bai san an yi wannan zaɓin ba, domin na'urorin biyu ne suka ƙulla shi tsakaninsu a lokacin da suke haɗuwa.

Sauti irin na faifan CD, kafin a matse shi, yana buƙatar kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Lissafin ba wuya: ana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane samfuri yana da bit 16, kuma akwai ɓangaren dama da na hagu. Bulutut ba ya iya ɗaukar wannan cikin natsuwa. A takarda yana da gudun megabit 2 ko 3 a daƙiƙa, amma idan aka cire abin da tsarin aikawa ke cinyewa, abin da ya rage wa sauti bai wuce kilobit 1,400 ba a gudu na farko, ko kusan 2,100 a na biyu, kuma wannan sai iska ta yi tsit babu mai katsalandan. Saboda haka dole waya ta matse sautin kafin ta aika, iyafis kuma ya warware shi kafin ya kai kunne. Tsarin matsewa da warwarewar nan shi ake kira kodek.

Kodek ɗin suna da yawa. SBC shi ne wanda ƙa'idar Bulutut ta wajabta wa duk na'urar da ke aika kiɗa ko karɓarsa, kuma yawanci yana tafiya da kilobit 328 a ingancinsa mai kyau. Sauran duk ƙari ne, ga wanda ya ga dama. AAC shi iPhone ke amfani da shi idan iyafis ya iya, in ba haka ba ta koma SBC. aptX na kamfanin Qualcomm yana aika kilobit 352, aptX HD kuma 576. LDAC na kamfanin Sony yana da matakai uku, 330 da 660 da 990. Tun daga Android 8.0, wanda ya fito a 2017, wayoyin Android suka samu damar amfani da waɗannan duka, idan mai ƙera wayar ya saka su.

Da zarar an haɗa, wayar kan tambayi iyafis abin da ya iya, shi kuma ya jero mata. Daga nan sai ta zaɓi wanda ta ɗauka ya fi kowanne daraja a cikin waɗanda dukansu biyu suka iya. A tsarin Android na asali LDAC ne a sama, sai aptX HD, sai aptX, sai AAC, SBC kuma a ƙasa, ko da yake masu ƙera waya sukan sauya wannan jeri. Ka lura da abu ɗaya a nan, domin a kansa sauran bayanin ya ginu: waya ba ta aika kodek ɗin da iyafis bai ce ya iya ba. Idan babu wani ƙarin kodek da suka yi tarayya a kai, SBC za su koma, kuma sauti zai fito. Matsalar tana zuwa ne bayan sun amince da juna. Ko dai kodek ɗin da suka zaɓa ya yi wa hanyar nauyi, ko kuma ɗaya daga cikinsu ya ce ya iya, amma aikin nasa da kuskure a ciki. Waɗannan cututtuka biyu ne daban, kuma kunne yana iya rarrabe su.

Ta farko tsinkewa ce. Sautin kansa mai kyau ne, sai dai yakan ɗauke na ɗan ƙiftawar ido ya dawo. Yana ƙaruwa idan an saka wayar a aljihun baya, ko an juya kai, ko an shiga cunkoson jama'a, kuma yana raguwa idan an riƙe wayar a gaba, kusa da fuska. Ta biyu dagulewa ce. Murya ta koma kamar ta mutum-mutumi, ko a ji ƙara-ƙara a ƙarƙashin kiɗan, ko kiɗan ya yi sauri ko ya ja fiye da yadda aka san shi. Wannan ba ruwanta da nisa. Ko an jingina wayar a jikin sifikar haka za ta ci gaba, kuma tun daga daƙiƙar farko take farawa.

Mu ɗauki ta farko da misali, don ita ce ta fi ruɗa mutane. A ce gida ɗaya akwai hedifon mai iya SBC da AAC da LDAC, da wayoyi uku: iPhone, tsohuwar Android mai ƙaramin ƙarfi, da sabuwar Android babba. Da iPhone lafiya lau. Da tsohuwar wayar ma lafiya lau. Sabuwar, wadda ta fi su duka, ita ce ke tsinkewa da zarar mai ita ya saka ta a aljihu ya fita. Wanda bai san abin da ke ƙasa ba zai ce babbar wayar ce mai matsala. Amma iPhone AAC take aikawa, kilobit wajen 256. Tsohuwar wayar SBC take aikawa, 328. Sabuwar ce kaɗai ta san LDAC, kuma idan an saita shi a kan inganci mafi girma, kilobit 990 take turawa. Ninki uku ke nan na abin da tsohuwar ke turawa, ta hanya ɗaya, zuwa eriya ɗaya.

Abin da ya sa wannan ninkin ke da illa shi ne yadda Bulutut ke gyara asararsa. Yana aiki ne a zangon 2.4 GHz, yana tsalle tsakanin tashoshi 79, har sau 1,600 a daƙiƙa, kuma a wannan zangon Waifai yake, da sauran na'urorin Bulutut na jama'a. Jikin mutum ma, da yake mafi yawansa ruwa ne, yana shanye wannan igiyar. Don haka ɓacewar wasu ƙunshin bayanai a hanya abu ne na kullum, a kowace waya. Idan ƙunshi ya ɓace sai a sake aika shi, iyafis kuma yana da ɗan ajiyar sauti da yake ci gaba da kunnawa kafin na bayan ya iso. Mai aika 328 a hanyar da ke ɗaukar 1,400 bai cika ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, yana da sararin sake aika abu sau biyu ko uku ba tare da kunne ya ji komai ba. Mai aika 990 ya riga ya cinye kusan kashi 70 cikin ɗari. Kamar tulun da aka cika har baki ne, wanda ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya zubar da ruwansa, alhali na rabi sai ya kai gida lafiya a hanya ɗaya. Idan asarar ta ɗan yi yawa, ajiyar ta ƙare kafin sabo ya iso, shirun da ke biyo baya shi ne tsinkewar da ake ji.

Yanzu ga yadda za a tabbatar, maimakon a tsaya kan zato. A Android akwai ɓoyayyen sashe na saiti mai suna Developer options. Ana buɗe shi ta shiga Settings, sai About phone, a nemo Build number a danna shi sau 7 a jere. Wayar za ta nemi lambar sirrin buɗe fuska, sannan ta sanar cewa an buɗe. A wayoyin Samsung, Build number yana ƙarƙashin Software information. A na Xiaomi kuma layin da ke nuna sigar MIUI ko OS version ake dannawa. Bayan haka sashen zai bayyana a ƙarƙashin System, ko Additional settings, ko a ƙarshen jerin Settings, gwargwadon wayar.

Kafin ka shiga, haɗa hedifon ɗin ka kunna kiɗa. Wannan sharaɗi ne, domin idan babu abin da ke haɗe, layukan ba za su nuna maka komai mai amfani ba. Sai ka gangara zuwa Bluetooth Audio Codec. Kada ka canza komai tukuna, ka karanta abin da ke rubuce. Wannan karatun shi kaɗai ya kai rabin binciken, don a nan ne za ka fara ganin abin da wayar ta zaɓa a bayan idonka. A misalinmu LDAC za ka gani. Danna layin, zaɓi SBC, kiɗan zai ɗan ɗauke ya dawo. Fita daga shafin ka sake shiga don ka ga ko zaɓin ya zauna, saboda wasu wayoyin sukan bar mutum ya danna abin da ba zai yiwu ba, su koma na da a shiru. Sannan ka maimaita ainihin abin da ke jawo matsalar: aljihu ɗaya, hanya ɗaya, waƙa ɗaya. Gwaji a zaune a ɗaki da waya a hannu ba ya nuna komai, tunda can ma dama ba ta tsinkewa.

Idan tsinkewar ta tafi da SBC, ka kama ɓarawon. Amma a misalin nan ba lallai ne ka rabu da LDAC gaba ɗaya ba. Mayar da shi, ka gangara kaɗan zuwa layin da ke ɗauke da Playback Quality. Za ka ga zaɓi huɗu: 990, 660, 330, da kuma Best Effort (Adaptive Bit Rate), wanda ke barin wayar ta riƙa hawa da sauka gwargwadon halin hanya. Gwada 660. A ganina nan ne mafi yawan mutane ya kamata su tsaya idan suna tafiya da waya a aljihu, 990 kuma a bar shi don zama wuri ɗaya. Ban yarda kunnen da ke tsakiyar hayaniyar titi zai rarrabe 660 da 990 ba, amma kowane kunne yana jin yankewa. Mutane suna tsoron SBC fiye da kima ma. A kilobit 328 sautinsa yana da kyau ƙwarai, kuma kiɗan da aka riga aka matse tun daga manhajar da ke kunna shi ba zai samu wani sabon inganci ba don an tura shi ta kodek mai tsada.

Cuta ta biyu, dagulewa, ta fi bayyana da rediyon mota da ƙananan sifiku da iyafis masu sauƙi. A nan nauyi ba shi ne abin dubawa ba, tunda AAC, wanda za mu ɗauka misali, bai fi SBC nauyi ba. Abin da ke faruwa shi ne kodek ɗaya yana da masu aiwatar da shi da yawa. AAC ɗin da iPhone ke fitarwa da wanda wata Android ke fitarwa suna bin ƙa'ida ɗaya, amma ba hannu ɗaya ya rubuta manhajarsu ba, kuma suna iya bambanta a yawan kilobit da yadda suke shirya ƙunshin. Na'urar da aka gwada da nau'i ɗaya kawai kafin a fitar da ita kasuwa tana iya rikicewa idan ta haɗu da wani. Haka nan yawan samfuri: idan waya tana aika 48 kHz, wato samfuri 48,000 a daƙiƙa, sifika kuma tana karantawa a kan 44.1 kHz, kiɗan zai ja, muryar ta ɗan yi kauri. Gwajin farko dai ɗaya ne, a koma SBC. Idan ya gyaru, shi ke nan. Idan kuwa alamar ita ce saurin kiɗa ko jansa, je ka Bluetooth Audio Sample Rate ka zaɓi 44.1 kHz, ka saurara, sannan ka gwada 48.0 kHz.

Akwai wani maɓalli a wannan shafin da ya kamata a sani, Disable Bluetooth A2DP hardware offload. Wayoyi da yawa ba babbar ƙwaƙwalwarsu ce ke matse sautin ba, suna miƙa aikin ga wani ƙaramin sashe na musamman don a rage cin batir. Idan kuskuren yana cikin manhajar wannan sashen, kunna maɓallin zai dawo da aikin hannun Android kansa, wato kodek ɗaya amma da wani mai aiwatarwa daban. Wayar za ta nemi a kashe ta a kunna. Ya fi dacewa a gwada shi idan dagulewar ta fara ne bayan an sabunta tsarin wayar. A wasu wayoyin yana jawo sauti ya ɗauke gaba ɗaya, ko wasu kodek su ɓace daga jerin, to idan haka ta faru a mayar da shi yadda yake. Ƙa'idar da nake ganin kowa ya riƙe a wannan shafin ita ce abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya kodek da yawan samfuri da wannan maɓallin a tare, ko ya dace sauti ya gyaru bai san wanne ya yi aikin ba.

Inda gizo ke saƙar kuwa shi ne, zaɓin da aka yi a Bluetooth Audio Codec ba ya daɗewa. A mafi yawan wayoyi, da an cire haɗin an sake haɗawa, na'urorin za su sake tattaunawarsu daga farko, su koma kan kodek ɗin da ya jawo matsalar. Mutum ya gyara da dare, da safe ya tarar an koma gidan jiya, sai ya ce gyaran ƙarya ne. Shafin an yi shi ne don masu rubuta manhaja su yi gwaji, shi ya sa ba ya tunawa. Gyara mai ɗorewa yana wani wurin da ba a ɓoye yake ba. Shiga jerin na'urorin Bulutut da aka haɗa, danna alamar saiti da ke gefen sunan iyafis ɗin. A wayoyi da yawa, a can akwai maɓalli mai suna HD audio, wani lokacin da sunan kodek ɗin a gabansa, kamar HD audio: AAC, ko kuma a rubuta LDAC kawai. Kashe shi yana sa wayar ta sauka zuwa kodek na ƙasa, galibi SBC, kuma tana tuna wannan ga wannan na'urar kaɗai, sauran ba abin da ya shafe su. Idan hedifon yana da manhajarsa, duba ko akwai zaɓi tsakanin fifita inganci da fifita ƙarfin haɗi. Wannan ya fi kowanne ɗorewa, domin a jikin hedifon ɗin ake ajiye shi, ya daina ma sanar da waya cewa ya iya kodek mai nauyin. Da an samu gyara ta ɗaya daga cikin waɗannan, sai a kashe Developer options, don wasu manhajojin banki ba sa yarda su buɗe matuƙar yana kunne.

Mai iPhone ba shi da wannan shafin ko kaɗan, babu inda zai zaɓi kodek. Idan ita ce ke da matsalar, abin da ya rage shi ne ɓangaren iyafis: manhajarsa, sabunta tsarinsa, ko a goge haɗin ta Forget This Device a sake haɗawa.

To idan an koma SBC kuma babu abin da ya canza fa? Kodek ya fita daga zargi ke nan, kuma wannan ma sani ne mai amfani, don ya hana ka ɓata lokaci a shafin da babu maganin a cikinsa. Abu na farko da za a duba shi ne Waifai. A cikin waya, Bulutut da Waifai galibi suna raba sashe ɗaya da eriya ɗaya, suna karɓa-karɓa. Idan wayar tana kan Waifai na 2.4 GHz tana sauke abu mai nauyi, ko tana raba wa wasu intanet, lokacin da ya rage wa sauti zai ragu. Kashe Waifai ka kunna waƙar da ke ajiye a wayar. Idan ya gyaru, koma kan Waifai na 5 GHz.

Na biyu ya fi yaudara, domin sautinsa ya yi kama da matsalar kodek sosai. Bulutut na gargajiya yana da hanya daban don kira, wadda ke ɗaukar murya ta tafi ta dawo, kuma ingancinta ƙasa yake ƙwarai: samfuri 8,000 ko 16,000 a daƙiƙa, ɓangare ɗaya babu dama da hagu. Duk lokacin da wata manhaja ta buɗe makirfon iyafis, ko ta kira ce, ko wasa mai hira da murya, ko mai ɗaukar saƙon murya da ta manta ba ta saki ba, sai kiɗan ya bi ta wannan siririyar hanyar. Ya fito a shaƙe, kamar daga cikin rijiya ake kunna shi. Wannan ma a waya ɗaya zai faru, tunda a cikinta manhajar take. Gwajinsa shi ne a shiga saitin na'urar a kashe maɓallin Phone calls ko Calls, a bar Media audio a kunne. Idan kiɗan ya buɗe nan take, sai a nemo manhajar da ke riƙe da makirfon, ta hanyar duba izinin makirfo a saitin sirri. Sababbin sigogin Android, daga 12 zuwa sama, suna nuna ɗan koren ɗigo a saman fuskar waya duk lokacin da makirfo ke aiki.

Wanda ke da kwamfuta kuma ya saba da adb, manhajar da ake ba wa wayar Android umarni da ita daga kwamfuta, yana iya ganin abin da aka ƙulla ba tare da dogaro da shafin saiti ba:

```
adb shell dumpsys bluetooth_manager
```

Bayanin da zai fito yana da tsawo. A nemi sashen A2DP, wato tsarin da Bulutut ke aika kiɗa da shi, inda ake rubuta kodek ɗin da ke aiki a lokacin, da yawan samfurinsa, da jerin waɗanda na'urorin biyu suka iya. Amfaninsa ya fi fitowa a wayoyin da shafinsu ke nuna abu ɗaya suna aika wani. A yi shi sau biyu, kafin a kashe HD audio da kuma bayan an kashe an sake haɗawa, a kwatanta sunan kodek ɗin a duka biyun.